Kasakasan Alhaji da yaƙin da nake yi da "sai muka"

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Jiya da daddare na gama juye kaset na uku zuwa rubutu. Saura biyu. Kasakasan nan mahaifina ne ya ɗauki muryar kakanmu Alhaji a cikinsu kafin rasuwarsa, yana ba da labarin tafiyar da suka yi zuwa Makka a ƙasa a shekarun 1950, daga Yarwa zuwa Fot Lami, wadda aka mayar wa suna Njamena a 1973, daga nan Abeshe, Jinaina, Fashir, har bakin Bahar Maliya. Niyyata in mayar da su ɗan littafi na 'yan gida, wanda jikoki za su iya karantawa ba tare da sun yi barci a shafi na biyu ba.

To a nan gizo ke saƙa, domin ni kaina da na buga babi na biyu na zauna karantawa bayan sallar la'asar, hamma ce ta fara kama ni. Labarin da in Alhaji yana ba da shi ko tari ba a yi a zaure, ga shi a takarda ya zama kamar lissafin kayan lefe. Na ɗauki jan biro na zagaye kalmomi biyu na farkon kowace jimla, shafin ya koma kamar mai ƙyanda. Na koma kan kwamfuta na danna Ctrl+F, na kunna Match case don kada ta haɗa mini da ƙananan "sai" na tsakiyar jimla, na rubuta "Sai muka". Babin yana da jimla 212, kuma 131 daga ciki da waɗannan kalmomi biyu suka fara.

Ga sakin layin da ya fi muni, shi ne kuma zan yi gwaji a kansa kafin in taɓa sauran:

*Sai muka tashi daga Gamboru da asuba. Sai muka kwana huɗu a hanya. Sai muka isa Kusuri ranar Alhamis. Sai muka tarar kogi ya cika. Sai muka nemi mai kwalekwale. Sai muka yi ciniki da shi. Sai muka shiga mu goma sha ɗaya. Sai muka kai tsakiyar ruwa. Sai muka ga ruwa yana shigowa ta ƙasa. Sai muka yi ta kwalfewa da ƙwarya. Sai muka tsallake da ƙyar. Sai muka duba babu jakar guzuri.*

Jimla 12, kalmomi 74. Na ƙirga tsawon kowace: 7, 6, 6, 6, 5, 6, 7, 5, 8, 7, 5, 6. Babu wadda ta gaza biyar, babu wadda ta haura takwas. Ashe ciwon biyu ne. Mafarin jimlolin ɗaya, tsayinsu ma ɗaya, kamar bulo daga injin guda. Shi ya sa cinikin kwalekwale da shigowar ruwa cikin kwalekwale suka zo da nauyi ɗaya a idon mai karatu, alhali ɗaya sulalla ne a tsakani, ɗaya kuwa rai goma sha ɗaya.

Talata, 8 ga Oktoba

Na ɓata dare biyu a banza. Dabarar da ta fara zuwa mini ita ce wadda ke zuwa wa kowa, wato a cire "sai" a sa 'yan'uwanta. Ga abin da na samu:

*Mun tashi daga Gamboru da asuba. Daga nan muka kwana huɗu a hanya. Bayan haka muka isa Kusuri ranar Alhamis. Sannan muka tarar kogi ya cika. Daga bisani muka nemi mai kwalekwale. Bugu da ƙari muka yi ciniki da shi.*

Da na karanta wa maiɗakina, tun kafin in kai ƙarshe ta fashe da dariya, ta ce, "Wannan Alhaji ne ko sakataren ƙungiyar iyaye da malamai?" Gaskiyarta. Jan biro ba zai sami abin zagayewa ba yanzu, domin kowace jimla da nata mafarin, amma kunne bai yaudaru ba. Ƙirar jimlar tana nan yadda take: mahaɗi, "muka", aikatau, abin da aka yi. An sauya wa mutum hula ne kawai an ce wani baƙo ne ya shigo.

Har gara "sai" ɗin ma. Gajeruwa ce, ido yana tsallake ta ba ya ji. Su kuwa "daga bisani" da "bugu da ƙari" suna da nauyi, kuma kowace tana ɗauke da ma'anarta. "Daga bisani" tana nuna an ɗauki lokaci, alhali suna isa bakin kogi suka hau neman mai fito. "Bugu da ƙari" kuwa ta mai kawo hujja ce, ba ta mai ba da labari ba. Na goge duka na koma kan na asali.

Asabar, 12 ga Oktoba

Yau na sauya tambaya. Na daina tambayar me zan sa a madadin "sai", na koma tambayar wane aiki kowace "sai" take yi a inda take. Da na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na ga kashi biyu ne.

Mafi yawansu numfashi ne kawai. Mai magana yana ajiye su ne kamar yadda mai tafiya ke dogara sanda, don ya sami zarafin tuno abin da ke gaba. A baki ba su da laifi, tatsuniya ma da su take tafiya, saboda murya tana hawa tana sauka a kansu, hannu yana nuni, fuska tana aikinta. Takarda ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Kashi na biyu su ne na gaske, inda abu ya juya, aka zaci wani abu wani ya auku. A sakin layin nan guda biyu ne tak: shigowar ruwa da ɓatan jaka. Sauran goman su suka cinye wa waɗannan biyun ƙarfinsu, kamar mai gadi da ke busa usur kowane minti biyar, ranar da ɓarawo ya zo babu mai leƙowa.

Maganin na numfashin yana cikin Hausar kanta. Muna iya jera ayyuka a jimla ɗaya ba tare da wani mahaɗi ba: ya tashi ya ɗauki buta ya fita. Babu mai cewa ya tashi kuma ya ɗauki buta kuma ya fita, sai wanda ya koyi Hausa a aji. Don haka jimla ta biyar da ta shida da ta bakwai suka haɗe: *Muka nemi mai kwalekwale muka yi ciniki da shi, muka shiga mu goma sha ɗaya.* Abin da na lura shi ne ayyukan da ke yarda su haɗu haka su ne waɗanda mutum ɗaya ya yi, a wuri ɗaya, ɗaya na bin ɗaya, ba tare da wani abin mamaki a tsakani ba. Da zarar mai aikin ya sauya ko wani abu ya faɗo, jerin ya tsinke, aya ta zama dole.

Na biyun kuwa, wato "sai" ta gaske, sai an yi mata shimfiɗa take jin daɗin zama. Jimla ta takwas, *sai muka kai tsakiyar ruwa*, ba labari ba ce a karan kanta, lokaci take faɗa. Matsayinta ta zama gabatarwa ga ta tara: *Ko da muka kai tsakiya, sai ga ruwa yana shigowa ta ƙasa.* Na kuma jefar da "muka ga". Wannan ma wani abu ne da na gano yau, cewa rabin dalilin da ya sa kowace jimla ta fara da "mu" shi ne na bar komai yana bi ta idon matafiyan: muka tarar, muka ga, muka duba. In an cire aikatau na gani, abin da aka gani shi zai hau gaba da kansa. *Sai muka tarar kogi ya cika* ta koma *Kogi ya cika*, mafarin jimla ya sauya ba tare da na nemo masa kalmar aro ba.

Wani ɗan tuntuɓe kafin in tashi. Cire "sai" daga jimlar farko ya bar ni da *Muka tashi daga Gamboru*, kuma babi ba ya buɗewa da "muka" haka kawai, domin tana nuna akwai abin da ya gabata. Ko dai in ce *Mun tashi*, sauran su biyo da "muka", ko in gabatar da wani abu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Gabatar da wani abun ne ya kai ni ya baro yau. Na ji daɗin dabarar ɗauko kalma daga ƙarshen jimla a kawo ta gaba, na bi sakin layin ina yi wa kowace jimla haka: *Da asuba muka tashi. Ranar Alhamis muka isa. Mai kwalekwale muka nema. Da ƙwarya muka yi ta kwalfewa.* A ido ya yi kyau, kowane layi da sabuwar fuska. Da na karanta a bayyane sai na ji kamar Alhaji yana gaban alƙali ana ƙaryata shi yana musu.

Dalili kuwa a Hausa ba a kawo kalma gaba a kyauta. Duk abin da ka ɗauko ka ɗora a goshin jimla, ka ce shi ne, ba waninsa ba. *Mai kwalekwale muka nema* amsa ce ga wanda ya ce mai jaki kuka nema. *Da ƙwarya muka kwalfe* amsa ce ga wanda ya zaci da bokiti ne. Babu wanda ya yi wannan zaton, saboda haka jimlolin suna faɗa da iska. Inda dabarar ta zauna daram shi ne inda nauyin maganar dama yake kan kalmar: *Da ƙyar muka tsallake*. Ai ƙyar ɗin ita ce labarin. *Da asuba muka bar Gamboru* ma na bar ta, saboda tana buɗe babin kuma ta warware mini matsalar jiya.

Akwai kuma nahawun da ke biyo baya, wanda baki ya sani amma hannu kan manta in ana yanka ana liƙawa a kwamfuta. Kalma in ta zo gaba don ƙarfafawa, "mun" takan koma "muka", "sun" ta koma "suka", "an" ta koma "aka", "yana" ta koma "yake". *Ruwa yana shigowa ta ƙasa*, amma *ta ƙasa ruwa yake shigowa*. In kuwa ambato kawai aka yi, irin na "kuwa" ko "dai" ko "kam", babu abin da ke sauyawa: *masu fito kuwa sun tashi*, amma *masu fito ne suka tashi*. Inda na fi tsoro shi ne "ya" da "ta" da "na", domin a rubutun boko ba ma nuna tsawon wasali, siffofin biyu iri ɗaya ake rubuta su. Kuskuren ba ya fitowa a takarda, amma ma'anar tana iya karkacewa. Abin da nake yi yanzu, in na yi shakka sai in mayar da jimlar jam'i a zuci in ji ko "sun" za ta ɗauka ko "suka", nan take nakan gane irin jimlar da na gina.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na kai wa Gwaggo ziyara da takardun. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi tafiyar, tana yarinya ƙarama lokacin, a kan jaki ta yi rabin hanyar. Bayan mun gaisa ta sa an kawo mini fura, na ce, "Gwaggo, karatu na zo in yi miki, ki gaya mini in kin ji muryar Alhaji a ciki." Ta ce bismilla.

Wanda na karanta mata shi ne gyaran da na yi ranar Alhamis, wanda nake alfahari da shi. A ciki na narkar da ketaren kogin duka cikin jimla ɗaya mai kalma arba'in da wani abu, da "yayin da" da "wanda hakan ya sa" da "duk da cewa". Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Can ta ce, "Ɗan nan, labarin dai namu ne, amma mai maganar ban san shi ba. Baba bai taɓa cewa yayin da ba har ya koma ga Allah." Ta ƙara da cewa, "Kuma ina maƙil ɗin?"

Ban gane ba sai da ta bayyana. Wai duk sanda ya zo wurin nan yakan ce kogi ya cika maƙil, ya ɗaga hannu daidai wuyansa. Na dawo gida na sa kaset na biyu, na juya shi da biro har na kai wurin. Ga shi nan kuwa, maƙil, da ƙarfi har muryar ta ɗan fashe. Ni na zubar da ita wajen juyewa, ina ganin ba kalmar littafi ba ce. Ba ita kaɗai ba. A wurin kwalfewa ya ce "muna kwalfewa yana shigowa" har sau biyu, ni kuwa na ɗauka maimaicin tsufa ne na taƙaita. A ƙarshe ma bai ce "muka duba babu jaka" ba, muryar Inna ya kwaikwaya, siririya, tana tambaya. Daga nan ya yi shiru na daƙiƙa huɗu, na ƙirga, kafin ya faɗi inda jakar take, aka ji mahaifina yana dariya a bayan kaset.

Wato bambancin tsawon jimlar da nake ta nema a kaina yana cikin kaset tun farko, ni na guge shi da hannuna. Inda tsohon ya yi sauri bai numfasa ba, nan ce doguwar jimla. Inda ya tsaya, nan ce gajeruwa. Na sake rubutawa da kaset a kunne:

*Da asuba muka bar Gamboru, muka kwana huɗu a hanya, ranar Alhamis muka isa Kusuri. Kogi ya cika maƙil. Muka nemi mai kwalekwale muka yi ciniki da shi, muka shiga mu goma sha ɗaya. Ko da muka kai tsakiya, sai ga ruwa yana shigowa ta ƙasa. Muka yi ta kwalfewa da ƙwarya, muna kwalfewa yana shigowa, muna kwalfewa yana shigowa, har Allah Ya sa muka isa gaɓa. Da ƙyar muka tsallake. Saukarmu ke da wuya sai Inna ta ce, "Ina jakar guzuri?" Tana can Kusuri.*

Jimla takwas yanzu, tsawonsu 15, 4, 15, 12, 21, 4, 11, 3. "Sai" ta rage biyu, kuma duka biyun a inda abu ya juya suke. Mafi tsayin ita ce ta kwalfewa, wadda ya kamata mai karatu ya gaji a cikinta kamar yadda suka gaji, ya ƙagu ya ga aya. "Muka" ta buɗe jimla biyu har yanzu, ban kuma damu ba. Ba haram ba ce, yawanta ne ya yi yawa.

Na buga wa Gwaggo waya da magariba na karanta mata. Ta ce, "Yawwa. Dabino ne da dakakken gero a jakar, ka sa." Ba zan sa a bakin Alhaji ba tunda bai faɗa ba, amma zai shiga ƙasan shafi da sunanta.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na gama babi na biyu gaba ɗaya, na shiga na uku. Sabuwar cuta ta ɓulla, kuma daga maganin ta fito. Na sake yin zagayen jan biro a kan shafuka shida da na gyara, sai ga "Ko da muka" sau 14, "ke da wuya sai" sau 9. Kowa ya iso ke da wuya, kowa ya zauna ke da wuya. Waɗannan sun fi "sai muka" saurin gundura ma, domin suna yi wa mai karatu alkawarin abin mamaki, in ya zo ya tarar shayi kawai aka dafa sai ya ji an yi masa wasa da hankali. Na sa wa kaina doka: "ke da wuya" sau ɗaya a babi, biyu in ta kama dole.

Haka nan na kama kaina ina yin doguwa, gajeruwa, doguwa, gajeruwa, kamar mai ɗingishi. Kowane sakin layi sai ya ƙare da 'yar jimla mai kalma uku, saboda ta yi mini daɗi a *Tana can Kusuri*. Can ta yi daɗi ne don shirun daƙiƙa huɗu na gabanta. Inda tsohon bai tsaya ba, na mayar da su cikin jimlolin da na yanko su. Tafiyar Abeshe zuwa Jinaina, wadda shi kansa ya wuce ta da sauri, yanzu jimla uku ce masu matsakaicin tsayi a jere, babu wani ado.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Yau na yi ɓarna, Allah Ya sa na gano kafin ta yi nisa. Babi na huɗu zamansu ne a Jazira, ƙasar noman audugar nan da ke shan ruwa daga madatsar Sinnar da aka gama a 1925, inda a wancan zamanin masu tafiya Makka a ƙasa da yawa kan tsaya su yi ƙwadago su tara kuɗin jirgi. Ba nisa da nan Mai Wurno take, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma Alhaji ya ce a can ya fara jin kamar ya dawo gida. Sun yi shekara biyu a yankin.

Sakin layin farko na babin shi ma duk "sai" ne. Hannuna ya riga ya saba, na hau shi da dabarun da na koya, na haɗe, na jera, na fito da *Muka fita da sassafe muka tsinci auduga har azahar, muka kai ma'auni aka rubuta mana.* Sai da na zo jimla ta shida, inda ya ce ran Juma'a ba sa fita, na tsaya. Wace Juma'a, in kwana ɗaya ake magana? Na koma rubutun asali. Ba "sai muka" ba ne, "sai mu" ne: *Sai mu fita da sassafe. Sai mu tsinci auduga har azahar. Sai mu kai ma'auni. Sai a rubuta mana.* Harafi biyu ne bambancin, amma "sai muka" abin da ya faru sau ɗaya ne, "sai mu" kuwa abin da aka saba yi kullum. Na mayar da aikin shekara biyu ya zama na yini guda.

Irin wannan sakin layin nasa maganin daban. Babu abin da ke juyawa a ciki, don haka "ko da" da "ke da wuya" ba su da wurin zama. Abin da ya yi aiki shi ne in kafa al'adar sau ɗaya a farko da "mukan", sauran su rataya a jikinta, sa'an nan lokutan yini su riƙa buɗe jimloli: *Mukan fita da sassafe mu tsinci auduga har azahar. In rana ta take, sai mu kai ma'auni a rubuta mana. Ran Juma'a kam ba ma fita.* Na lura "mukan" sau ɗaya take zuwa, ayyukan da ke bin ta "mu" suke ɗauka, in na maimaita ta a kowace jimla na koma gidan jiya da sabon suna.

Dole in koma babi na biyu da na uku in nemi "Sai mu" da "Sai a" da "Sai su" a rubutun asali, in gwada da gyarana. Na riga na sami guda biyu a zangon Fashir.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sanyi ya fara shigowa, aikin dare ya yi daɗi. Na gama juye kaset na huɗu, wannan karon da alama a duk inda Alhaji ya yi shiru: karan tsaye ɗaya in gajere ne, biyu in ya daɗe. Duk wata kalma irin su maƙil da tsit da kwatsam ina barin ta inda ya ajiye ta. Ya fi cin lokaci, kusan awa ɗaya ga kowane minti goma na kaset, amma shafukan da suka fito ba sa bukatar rabin gyaran da na baya suka ci.

Akwai sakin layi ɗaya a ƙarshen kaset ɗin da jan biro ya zagaye daga sama har ƙasa, jimla biyar, duka da "Mun bar" suka fara. Yana lissafa waɗanda suka rasu a hanya ne da inda aka binne kowa, wannan a Abeshe, wannan a bayan Jinaina, jaririn wance kwana biyu kafin Fashir. Tsayinsu ɗaya, muryarsa ma ba ta hawa ba ta sauka, bayan kowace akwai karan tsaye biyu. Na gwada haɗe su cikin jimla ɗaya da waƙafi, na karanta, na ji kamar na zuba mutum biyar a kabari guda. Na mayar da shi yadda ya faɗa. Abin da kawai na yi shi ne na tabbatar babu wata jimla a shafin da ke gabansa da ta fara da "Mun", don kunne ya iso wurin bai riga ya ƙoshi da ita ba.

Ƙidayar yau: babi na biyu ya sauko daga jimla 212 zuwa 148, masu farawa da "Sai muka" daga 131 zuwa 17. Babi na uku saura dubawar "sai mu". Babi na biyar hira ce da wani jami'in tashar jirgin ruwa a Sawakin, shafi uku cur na "Ya ce" da "Na ce", kuma dabarun da na tara ba za su yi aiki a kansu ba tunda ba jerin ayyuka ba ne. Gwaggo ta ce in zo ran Laraba bayan azahar, in taho da kaset ɗin da rediyon, tana so ta ji da kunnenta.